Shugaban da Ba Ya Ganin Ka: Yadda Ake Rubuta Si-bi Don Aiki Daga Nesa

A ofis, shugaba ba ya buƙatar a gaya masa wanda ke aiki da wanda ke lalaci. Da idonsa yake ganin wanda ya zo ƙarfe takwas da wanda ya lallaɓo goma saura. Idan aiki ya cije wa ma'aikaci, leƙa teburinsa kawai zai yi su warware a tsaye. Aiki daga nesa ya kawar da duk wannan. Shugaba yana Landan ko Nairobi, ma'aikaci yana Kano ko Maraɗi, kuma mai yiwuwa ne su shekara uku suna aiki tare ba su taɓa musabaha ba. Akwai kamfanoni irin su GitLab da Automattic, masu WordPress.com, da suka daɗe a kan wannan tsari tun kafin annobar korona ta 2020 ta tilasta wa sauran duniya gwada shi.

Don haka mai ɗaukar ma'aikaci daga nesa yana karanta takardar tarihin aikinka, wadda kowa ke kira si-bi, da wasu damuwoyi a ransa da ba irin na mai ofis ba. Yana son ya san ko za ka yi aiki ba sai an tsaya a kanka ba. Yana son ya san ko idan ka rubuto saƙo zai fahimta ba sai ya kira ka a waya ba. Sannan ko za ka iya shiga manhajojin da suke aiki da su ba sai an ɓata wata guda ana koya maka inda ake latsawa ba. Kusan kowane mai nema ya san ana neman waɗannan halaye, shi ya sa kusan kowa yake rubuta cewa shi mai ƙwazo ne, mai iya aiki ba tare da sa ido ba, gwanin sadarwa. Nan ne matsalar take. Kalmomin yabon kai ba su da tsada, malalaci ma yana rubuta su, kuma wanda ya karanta su a takarda ɗari ya daina ganin su. Abin da ke tsayar da idonsa shi ne abin da ka aikata, da adadinsa, da abin da ya haifar.

Mu ƙaddara wata matashiya ce a Kano. Ta karanta harkar kasuwanci a jami'a, ta yi hidimar ƙasa tana koyarwa a wata sakandare, sannan ta yi shekara biyu da rabi tana aiki da wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da leshi a sari a Kantin Kwari. Yanzu ta ga tallar wani kamfanin Turai mai sayar da kaya ta intanet, yana neman mai amsa tambayoyi da ƙorafe-ƙorafen kwastomomi ta imel da saƙon rubutu. A tunaninta ba ta taɓa aiki daga nesa ba, kuma tana ganin aikin kasuwa ba abin sa wa a takardar da Bature zai karanta ba ne. A duka biyun ta yi kuskure, kuma za mu ga dalili.

Abin da za a fara cirewa

Si-bin da ke hannunta irin wanda aka saba bugawa a shagon kwamfuta ne: shafi uku, hoto a kusurwa, sannan jerin ranar haihuwa, jinsi, jihar asali, ƙaramar hukuma, addini, matsayin aure, makarantar firamare, abubuwan sha'awa, da sunayen mutum uku masu tsaya mata. Wannan tsari yana da dalilinsa a gida, musamman a aikin gwamnati inda ake duba rabon gurabe tsakanin jihohi. Amma ga kamfanin Amurka ko Birtaniya ba shi da amfani, har ma yakan zama abin ƙi, domin dokokinsu sun hana nuna bambanci wajen ɗaukar aiki saboda addini ko jinsi ko shekaru, kuma masu ɗaukar aiki sun fi son kada waɗannan bayanai su zo gabansu tun farko. Hoto ma haka yake a waɗannan ƙasashe biyu, ko da yake a Jamus da Faransa har yanzu akan ga mai sa shi. Idan talla ba ta nemi hoto ba, barin sa ya fi.

Da ta cire waɗannan, rabin shafin farko ya zama fili. Wannan fili shi ne mafi daraja a duk takardar, domin a nan ido ke fara sauka. A samansa sunanta ne, da imel mai kama da na aiki, wato sunanta na gaskiya ba laƙabin da ƙawaye ke kiran ta da shi ba, da lambar waya mai farawa da +234, sannan layi guda kamar haka:

```
Kano, Nigeria | WAT (UTC+1)
```

Sunan gari da ƙasa sun isa. Lambar gida da sunan layi ba su da wurin zama a nan, balle lambar NIN ko BVN. Si-bi takarda ce mai yawo hannu-hannu, kuma cikin tallace-tallacen aikin nesa akwai na 'yan damfara da ba abin da suke nema sai irin waɗannan lambobi, ko su ce a biya kuɗin rajista kafin a yi ganawa. Kamfanin gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki.

Duk takardar shafi ɗaya ya kamata ta zama ga mai shekarun aiki kamar nata. Wanda ya daɗe yana aiki zai iya kai ta biyu.

Aikin da aka yi ba mai tsaye a kai

A tsohon si-binta, ƙarƙashin aikin Kantin Kwari, layi uku ne: kula da kwastomomi, rubuta lissafi, da sauran ayyukan da aka ba ta. Wannan bayanin kujerar ne, duk wanda ya zauna a kanta haka zai rubuta. Bai faɗi komai game da ita ba.

Da za a zaunar da ita a tambaye ta yadda ranarta take, labarin daban ne. Mai shagon yakan yi tafiyar sarin kaya ya yi mako biyu ko uku ba ya gari. Yawancin kwastomominsa 'yan kasuwa ne a Jos da Gombe da Yola da Damagaram, ba sa zuwa shago, ta WhatsApp suke ganin hoton kaya su zaɓa su turo kuɗi, ita kuma ta haɗa kayan ta kai tasha. Da ta fara aikin ana yawan aika wa mutum launin da bai zaɓa ba, ko a manta da odar wani gaba ɗaya, domin komai yana warwatse cikin hirarrakin waya. Ba wanda ya umarce ta, ita ta buɗe jadawali a Google Sheets, kowace oda layinta: suna, gari, lambar kaya, kuɗin da aka biya, ranar da aka kai tasha, lambar direba. Ta ba mai shagon damar gani daga wayarsa, ya daina kiran ta sau biyar a rana yana tambayar ina aka kwana.

To wannan ai shi ne aikin nesa, sunan ne kawai ba a ba shi ba. Ta yi hulɗa da mutanen da ba ta gani, da shugaban da ba ya nan, ta hango matsala ta gyara da kanta, ta kuma bar aikinta a buɗe yadda wani zai duba ba sai ya tambaya ba. Da Turanci za ta rubuta layukan, ko da Faransanci idan da a Nijar take kuma kamfanin na masu Faransanci ne, amma ga ma'anarsu da Hausa:

Na riƙe odar 'yan kasuwa kimanin 60 a garuruwa huɗu ta WhatsApp Business, ni kaɗai, har da lokutan da mai shago ke tafiya ta mako biyu zuwa uku.

Na ƙirƙiro jadawalin bin diddigin oda a Google Sheets. Kuskuren aika kaya ya ragu daga kimanin 8 a wata zuwa 2.

A lura babu inda ta ce ita mai iya sarrafa kanta ce. Mai karatu ne zai faɗi hakan a zuciyarsa, kuma abin da mutum ya gano da kansa ya fi zama masa a rai fiye da wanda aka gaya masa. Kowane layi ya fara da aikatau, ya faɗi girman aikin, ya ambaci manhajar a inda aka yi amfani da ita, na biyun kuma ya rufe da sakamako.

Batun lambobin nan yana buƙatar a tsaya a kansa, domin nan ne mutane da yawa ke zamewa. Da zarar an ji cewa lamba tana ƙawata si-bi, sai a fara ƙirƙira: na ƙara ciniki da kashi 40 cikin ɗari, na gamsar da kwastomomi kashi 95. Wanda ya ƙware a ganawa da masu neman aiki tambaya ɗaya zai yi, yaya kika ƙirga? Idan babu amsa, duk sauran takardar ta zama abin tuhuma. Ita wannan matashiya tana da inda za ta samo nata. Sittin ɗin nan za ta ƙirga su ne daga jadawalinta. Takwas da biyun kuwa za ta koma tsofaffin hirarraki na wata uku kafin jadawalin da wata uku bayansa, ta ƙirga sau nawa aka yi ƙorafin an aiko kaya ba daidai ba. Aikin yamma ɗaya ne. Inda ba ta da tabbacin adadi sai ta ce kimanin, ta kuma ɗauki ƙaramar lamba maimakon babba. A ganina ƙaramar lamba ta gaskiya ta fi kashi cikin ɗari mai ƙyalli, domin tana zuwa da labarinta, kuma labarin ne za a nema a ganawa.

Shekarar hidimar ƙasa ma tana da abin bayarwa, sai dai a taƙaice. Ta koyar da aji uku, ɗalibai kimanin 140, ta tsara darussan zango da kanta, ta miƙa sakamakon jarrabawa kan lokaci a duka zangunan uku. Layi ɗaya ya wadatar. Cika alkawarin lokaci ba tare da an bi ka ana tuni ba yana cikin manyan abubuwan da shugaban nesa ke nema.

Takardar ita ce jarrabawar rubutu ta farko

Kamfanin da ma'aikatansa ke warwatse a ƙasashe ba ya iya tara kowa a taro duk lokacin da magana ta taso, domin sa'ad da wani ke karin kumallo wani barci yake yi. Saboda haka yawancin aiki a rubuce yake tafiya: ka bar saƙo, abokin aikinka ya gani bayan awa shida, ya ci gaba daga inda ka tsaya. GitLab ya rubuta yadda yake gudanar da kusan komai nasa a wani kundi da ya bari a buɗe a intanet kowa ya karanta. Automattic kuma ya yi suna da yin ganawar ɗaukar aiki ta hirar rubutu, tare da ba mai nema aikin gwaji da ake biyan sa. A irin waɗannan wurare, wanda bai iya rubuta bayani a fili ba yana jawo wa kowa asarar yini guda, domin saƙon da ba a gane ba sai an tambaya, amsar kuma sai gobe.

Mu Hausawa muna da al'adar gaisuwa mai kyau, ba a faɗa wa mutum da buƙata kai tsaye. Amma wanda ya aika sallama kaɗai a Slack ya zauna jiran a amsa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, ya ɓata rabin yini idan wancan yana wata nahiya. Ba a ce a bar gaisuwa ba. A haɗa ta da maganar a saƙo ɗaya: ga abin da ya faru, ga abin da na riga na gwada, ga abin da nake buƙata daga wurinka, ga lokacin da nake buƙatar sa. Mai ɗaukar aiki yana neman alamar wannan tarbiyya tun daga si-bi. Idan layukanka dogaye ne masu kewaye-kewaye, zai ɗauka haka saƙonninka za su kasance. Idan ka rubuta watan fara aiki da suna a wuri ɗaya, a wani wurin kuma da lamba, ko aikin da ka bari tuni ka ba da labarinsa kamar yanzu kake yin sa, zai ga mutum ne da ba ya komawa ya duba abin da ya rubuta. Kada layi ya wuce jeri biyu. A karanta takardar da ƙarfi, inda numfashi ya yanke a raba jimlar. Sannan a ba wani wanda Turancinsa ya nuna ya duba, domin idon marubuci yakan tsallake kuskurensa.

Ƙarƙashin sunanta za ta sa gajeren gabatarwa, jimla biyu ko uku. Tsohon salon nan na cewa ina neman gurbi a kamfani mai daraja inda zan ba da gudummawa ba ya faɗar komai. Nata zai ce: shekara biyu da rabi tana kula da kwastomomin sari ta saƙon rubutu, tana aiki da Turanci da Hausa, ta saba da shugaban da ba ya kusa, kuma tana samuwa a lokutan aikin Turai. Idan tana jin Larabci ko Faransanci sai ta faɗa tare da matakin da ta kai, ko na hira ne kawai ko har da rubutun aiki, domin a aikin kula da kwastomomi ƙarin harshe abin nema ne, kuma abu ne da ake gwadawa nan take.

Akwai kuma hujjar da ta fi duk wannan ƙarfi, kuma kaɗan ne ke kawo ta. A wani lokaci da za ta yi tafiya biki, ta rubuta wa yaron shago bayanin shafi ɗaya kan yadda ake karɓar oda, da abin da ake faɗa wa wanda kayansa suka makara, da lokacin da ya kamata a kira mai shago. Yaron ya riƙe aikin mako guda bai kira ta ba. Wannan ya cancanci layinsa a si-bi. Za ta kuma iya haɗa samfuri a Google Docs: amsoshi uku da Turanci, ɗaya ga kwastoman da ya fusata don kayansa ba su iso ba, ɗaya ga mai neman a mayar masa da kuɗi alhali ƙa'ida ba ta yarda ba, ɗaya ga wanda tambayarsa ba ta fito fili ba. Ta cire sunaye da lambobin mutane, ta sa mahaɗin a saman takardar. Gani ya kori ji. Sai dai ta tabbatar ta sauya izinin fayil ɗin zuwa `Anyone with the link`, ta kuma gwada buɗe shi a wayar wani. Ba ƙaramin abin takaici ba ne mai ɗaukar aiki ya latsa ya tarar ana neman ya roƙi izini. Ba zai roƙa ba, kuma ya riga ya koyi wani abu game da sanin manhajarta.

Sunayen manhajoji

An saba ganin si-bi da jerin sunaye goma sha biyar a ƙasa: Slack, Zoom, Trello, Asana, Notion, Jira, Microsoft Teams, da sauransu. Jerin yana da ɗan amfani, domin masu ɗaukar aiki sukan bincika tarin takardu da sunan manhaja. Amma suna a jeri ba ya bambanta wanda ya shekara yana aiki da abu da wanda ya sauke shi jiya. Shi ya sa manhajar da ka fi sani ya kamata ta bayyana cikin labarin aikin, kamar yadda Google Sheets ya bayyana a layinta, jerin ƙasa kuma ya tsaya ga waɗanda za ka iya buɗewa a gaban mutum ka yi aiki da su.

Gane mai ƙarya a nan ba wuya. Wanda ya ce ya san Slack za a ga ko yana amsa magana a ƙarƙashin zarenta ko yana watsa ta a tsakiyar zaure. Wanda ya ce ya san Google Docs za a ba shi rubutu ya gyara, a ga ko zai kunna `Suggesting` domin mai rubutun ya ga gyaran ya amince, ko zai goge aikin mutane kai tsaye.

Tallar da ta gani ta ambaci Zendesk, manhajar da kamfanoni ke tara saƙonnin kwastomomi a ciki, kowane ƙorafi da lambarsa har a rufe shi. Ba ta taɓa aiki da ita ba, don haka ba za ta sa ta a jeri ba. Abin da za ta yi shi ne ta nuna ta san aikin da manhajar ke yi: a WhatsApp Business tana amfani da `Labels` wajen raba sabuwar oda da wadda aka biya da wadda aka aika, tana kuma da `Quick replies` na tambayoyin da ake yawan yi. Tunanin ɗaya ne, kuma mai ɗaukar aikin da ya san sana'arsa zai gane. Idan tana son ƙara Trello, wanda ake iya amfani da shi kyauta, kallon bidiyo ba zai wadatar ba. Ta ɗauki wani aiki na gaske, kamar shirin walimar saukar karatu a Islamiyyar unguwarsu, ta buɗe allo mai rukuni uku, abin da za a yi, wanda ake kan yi, wanda aka gama, ta jawo mutum uku ko huɗu, kowane kati da mai shi da ranar gamawa. Bayan wata guda tana da abin faɗa na gaskiya, har da abin da ya ba ta wahala, wato sa mutane su riƙa komawa allon maimakon kiran ta a waya.

Agogo da wuta

Layin nan na UTC+1 da ke saman takardar ba ado ba ne. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi duk a kan wannan lokaci suke, Ghana tana bayansu da awa ɗaya, kuma babu wadda ke sauya agogo a cikin shekara. Turai da Amurka suna sauyawa. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Kano daidai yake da na Berlin da Paris, Landan kuma tana baya da awa ɗaya. Sauran watannin Landan ce ke daidai da Kano, Berlin ta wuce gaba da awa ɗaya. Wannan babbar dama ce ga mai nema daga yankinmu, domin yinin aikinsa kusan ɗaya ne da na Turai, kuma ya kamata ya faɗe ta a fili. Idan talla ta ce `EMEA`, Afirka tana ciki. Idan ta ce `Remote (US only)`, to ba da mu ake ba, kuma kyawun si-bi ba zai canza hakan ba, domin yawanci batun haraji ne da dokar ɗaukar aiki.

Amurka lissafinta daban ne. Ƙarfe tara na safe a New York ƙarfe uku ne na yamma a Kano lokacin hunturunsu, ƙarfe biyu lokacin zafinsu. Kamfanin da ya nemi awa huɗu na aiki tare yana nufin daga biyu zuwa shida, ko daga uku zuwa bakwai, wato a kan La'asar, wani lokacin har Magariba, da azumi kuma daidai buɗa-baki. Mutum ya yi wannan lissafi kafin ya rubuta cewa yana samuwa kowane lokaci. Gara ya rubuta awannin da zai iya riƙewa da gaske. Maganar sallar Juma'a ba ta si-bi ba ce, amma a yi ta a ganawa kafin a sa hannu, kada a bari sai an fara aiki.

Sai wuta da intanet. Wasu na ganin kada a tayar da maganar, don kada a tuna wa mai ɗaukar aiki abin da ya manta. Ni ban yarda ba. Wanda ya taɓa aiki da mutanen yankinmu bai manta ba, kuma shakkar da ba a amsa ba ita ke sa a ajiye takarda a shiru. Layi ɗaya a ƙasa ya isa: sola da batir mai riƙe kwamfuta da na'urar intanet awa takwas, da layukan intanet biyu na kamfanoni daban-daban. Amma sai an gwada kafin a rubuta. Ta kashe wutar gari da gangan ta yi yini tana aiki ta ga awa nawa batirin ya kai. Ta auna saurin intanet a `fast.com` ko `speedtest.net` da safe da rana da kuma bayan Isha lokacin da kowa ke kan waya, ta duba saurin aikawa ba na saukewa kaɗai ba, domin shi ke sa murya ta riƙa yankewa a Zoom. Idan awa biyar batirin ya yi, biyar za ta rubuta.

Kafin ta aika, saura duba fayil ɗin kansa. Yawancin kamfanoni suna karɓar takardu ta manhajoji irin su Greenhouse da Lever da Workable, waɗanda ke zaro rubutun da ke cikin fayil su jera shi a rumbunsu. Si-bi mai ginshiƙai biyu da akwatuna da zane-zane yakan hargitse a wannan mataki, sunan makaranta ya faɗa tsakiyar bayanin aiki. Wanda aka buga a takarda aka ɗauki hotonsa aka mayar PDF kuwa sau da yawa babu rubutun da za a zaro a cikinsa sam. Gwajin mai sauƙi ne: ta buɗe PDF ɗin, ta zaɓi duka rubutun, ta kwafa ta liƙa a Notepad. Idan ya fito a jere yadda ake karantawa, lafiya lau. Idan ya cakuɗe, ta koma ginshiƙi ɗaya da kanun sassa na yau da kullum. Sunan fayil ɗin ya zama sunanta da kalmar `CV`, ba irin `Document1 final final.pdf` ba.

Daga nan ta koma ta sake karanta tallar a tsanake. Inda kamfanin ya kira aikin da wata kalma, kuma da gaske ta yi wannan aikin, ta yi amfani da kalmarsu, ta kuma ɗaga layin da ya fi dacewa da buƙatarsu zuwa sama. Tallace-tallacen aikin nesa sukan ɗauki ƙananan umarni a can ƙasa, kamar a amsa wata tambaya cikin jimla uku, ko a sa wata kalma a kan imel, don a tace waɗanda ba su karanta har ƙarshe ba. Idan an ce jimla uku, ta rubuta uku, ta aika a irin fayil ɗin da aka nema, kafin ranar rufewa bisa agogon kamfanin.